Lasisin wa'azi da sashe na 38: ina iyakar 'yancin addini a Tsarin Mulkin Najeriya?

Tun da aka ji a watan Satumba na 2025 cewa gwamnatin Jihar Neja na son masu wa'azi su riƙa karɓar lasisi kafin su hau mumbari, maganar ta ƙi mutuwa a majalisun hira na Sakkwato. Wani ya ce gwamnati ba ta da hurumin hana malami buɗe baki, tunda Tsarin Mulki ya ba kowa 'yancin addini. Wani ya ce ai kowane 'yanci da iyakarsa, gwamnati kuwa ita ke da alhakin tsaron jama'a. Dukansu sun faɗi gaskiya, amma babu wanda a cikinsu zai ci jarrabawar dokar tsarin mulki da wannan amsa, balle ya ci shari'a a gaban alƙali. Tambayar da ya kamata ɗalibin lauya ya iya amsawa ita ce: idan hukuma ta taƙaita wa mutum wani aiki na addininsa, da wane ma'auni kotu ke gane taƙaitawar da ta halatta daga wadda ta wuce gona da iri?

Basakkwace bai kamata a yi masa dogon bayani kan nauyin wannan tambaya ba. A ƙarshen shekarun 1790 Sarkin Gobir Nafata ya yi shela a kasuwa da dokoki uku: kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu Usmanu shi kaɗai, kada wanda bai gaji Musulunci ba ya musulunta, kada namiji ya naɗa rawani ko mace ta yafa lulluɓi. Bayan 'yan shekaru aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ka riƙe waɗannan dokoki uku a ranka, domin duk da nisan zamani da bambancin tushe, su ne ƙofofi ukun da sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya tsaya a bakinsu: yaɗa addini, sauya addini, da bayyana shi a aikace.

Abin da sashe na 38 ya ƙunsa

Ƙaramin sashe na farko ya ce kowane mutum yana da 'yancin tunani da na zuci da na addini, har da 'yancin sauya addininsa ko aƙidarsa, da 'yancin bayyana addinin da yaɗa shi, shi kaɗai ko cikin jama'a, a fili ko a keɓe, ta hanyar ibada da koyarwa da aiki da kiyaye farillai. Lura cewa an ce kowane mutum, ba a ce kowane ɗan ƙasa ba. Baƙo daga Birnin Ƙonni da ya shigo cin kasuwa Illela yana da wannan 'yanci, alhali kariyar sashe na 42 daga nuna bambanci an rubuta ta ne ga ɗan Najeriya.

Ƙananan sassa na biyu da na uku sun shafi makaranta. Ba a tilasta wa ɗalibi darasin addini ko halartar bikin ibada na addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Kuma ba a hana wata al'ummar addini koyar da 'ya'yanta addininta a makarantar da ita kaɗai ke ɗaukar nauyinta. Na huɗu shi ne iyaka guda da aka dasa a cikin sashen kansa: babu wanda zai fake da 'yancin addini ya kafa ƙungiyar asiri ko ya shiga cikinta, kuma sashe na 318 ya fassara abin da ake nufi da ita.

Wannan lafazi ba a 1999 aka fara shi ba. Ya samo asali daga shawarar Hukumar Willink, wadda Turawa suka kafa a 1957 don ta binciki tsoron da ƙananan ƙabilu ke yi gabanin samun mulkin kai. Maimakon ƙirƙiro sababbin jihohi, hukumar ta ba da shawarar a sa jerin haƙƙoƙi a Tsarin Mulki, aka kuma kwaikwayo su daga yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai. Shi ya sa za ka ga lauyoyinmu na janyo hukunce-hukuncen ƙetare idan ana muhawarar wannan babi.

Sashe na 45, inda shari'ar take

Yawancin amsoshin ɗalibai a nan suke karyewa. Ɗalibi zai rubuta shafi biyu kan sashe na 38, sannan a layin ƙarshe ya ce amma 'yancin ba cikakke ba ne saboda sashe na 45, ya ajiye biro. Alhali da wuya gwamnati ta musa cewa mutum na da 'yancin addini. Abin da take cewa shi ne taƙaitawar da ta yi halastacciya ce, don haka duk kokawar a filin sashe na 45 ake yin ta.

Sashen ya ce babu wani abu a sassa na 37 zuwa 41 da zai rushe dokar da hankali zai karɓi hujjarta a al'umma mai bin dimokuraɗiyya, idan an yi ta don tsaron ƙasa, ko lafiyar rayuka, ko zaman doka da oda, ko tarbiyyar jama'a, ko kiwon lafiyar jama'a, ko kuma don kare haƙƙi da 'yancin wasu mutane. In ka warware wannan jimla za ka samu tambayoyi uku. Akwai doka? Dokar tana bin ɗaya daga cikin manufofin da aka lissafa? Kuma girman taƙaitawar ya yi daidai da girman abin da ake gudu?

Akwai wani abu da mai karatu da natsuwa zai hango. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa, wadda Najeriya ta shiga a 1993, ta raba abin biyu a sashenta na 18: abin da ke zuciya ba a taɓa shi ko kaɗan, bayyana shi a aikace ne kawai ake iya taƙaitawa. Namu sashe na 45 bai yi wannan rabo ba, ya ambaci sashe na 38 ɗungurungum. A lafazi ke nan kamar ana iya yin doka har kan abin da mutum ya ƙudurta a ransa. A ganina tambaya ta uku ta toshe wannan ƙofa, domin ban ga yadda za a gamsar da kotu cewa hukunta mutum kan abin da bai furta ba, bai kuma aikata ba, abu ne da dimokuraɗiyya za ta karɓa. Amma ka san cewa wannan hujja ce da za ka gina da kanka, ba rubutacciya ba ce a sashen, kuma yarjejeniyar ba ta zama dokar cikin gida ba tunda Majalisar Tarayya ba ta mayar da ita doka ba kamar yadda sashe na 12 ya shar'anta. Wadda ta zama dokar gida ita ce Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan'adam, kuma sashenta na 8 ya kare addini bisa sharaɗin doka da oda.

Takardar ofis ba doka ba ce: shari'ar hijabi

Shari'ar da ta fi nuna nauyin tambaya ta farko daga Legas ta fito. Wasu 'yan mata biyu 'yan makarantar sakandaren gwamnati, ta hannun iyayensu da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, suka kai ƙarar gwamnatin jihar saboda hana su sa hijabi a kan yunifom. A watan Oktoba na 2014 Babbar Kotun Legas ta kori ƙarar. Hujjarta ita ce sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, kuma yunifom iri ɗaya yana kiyaye daidaito tsakanin yara. A watan Yuli na 2016 alƙalai biyar na Kotun Ɗaukaka Ƙara suka rushe wannan hukunci baki ɗaya. Ranar 17 ga Yuni 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasu, alƙalai biyar suka rinjayi biyu, kuma Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun, wadda daga baya ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, ita ta rubuta babban hukuncin. A littattafai za ka same ta da sunan Gwamnatin Legas da Asiyat AbdulKareem.

Darasi biyu zan so ka ɗauka. Na farko, sa hijabi yana cikin aiki da kiyaye farillai da sashe na 38 ya ambata, don haka ba sai abu ya faru a cikin masallaci ko coci ne yake samun kariya ba. Na biyu, wanda ya fi amfani ga lauya: gwamnati ta dogara da abin da ta kira manufarta, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta lura cewa ko takardar umarnin ba a gabatar wa kotun farko ba. Sashe na 45 kuwa doka yake karewa. Umarnin shugaban makaranta, ko sanarwar kwamishina a rediyo, ko takardar da babban sakatare ya sa wa hannu, ba sa samun wannan inuwa sai in za a iya nuna dokar majalisa da ta ba su ikon yin haka.

Wannan takobi kaifi biyu gare shi, kuma gara ɗalibin Sakkwato ya san haka tun yana aji. Hujjar da ta ba yarinya Musulma hijabinta a Legas ita ce za ta kare yarinya Kirista a makarantar gwamnati a nan idan aka tilasta mata zama darasin addinin da ba nata ba. A 1996 ma Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Adamu da Babban Lauyan Jihar Borno, ta ce kotu na da hurumin sauraren koken iyaye Kiristoci na Gwoza kan cewa ƙaramar hukuma na biyan malaman darasin Musulunci tana barin su da biyan nasu.

Babba da jariri: inda haƙƙin wani ya shigo

Shari'u biyu na Kotun Ƙoli, dukansu kan mabiya Shaidun Jehobah da ba sa yarda da ƙarin jini, sun zana iyakar fiye da duk wani bayani. A ta farko, wata mata baliga mai cikakken hankali ta ƙi a ƙara mata jini bayan haihuwa, ta kuma rubuta hakan, mijinta ya goyi bayanta. Likitan da ya karɓe ta a Inugu ya bi ra'ayinta, ta rasu, kotun ladabtar da likitoci ta dakatar da shi wata shida. A 2001 Kotun Ƙoli ta wanke likitan, a shari'ar da aka sani da sunan Okonkwo. Mai Shari'a Ayoola ya bayyana cewa baligi na da damar tsara rayuwarsa bisa imaninsa ko da wasu na ganin zaɓin wauta ne, kuma iyakar wannan dama ita ce inda ta taɓa haƙƙin wasu ko ta jefa lafiyar jama'a cikin haɗari.

A ta biyu, jariri ne ɗan kimanin wata ɗaya a wani asibiti a Legas a 1997. Uwar ta ƙi a ƙara masa jini, aka sanar da 'yan sanda, majistare ya ba da umarni, aka ƙara, yaron ya rayu. Uwar ta yi ƙara, shari'ar ta yi ta hawa har 2019, lokacin da Kotun Ƙoli a shari'ar Esabunor da Faweya ta ce an yi daidai. Babba na iya zaɓar wa kansa, amma ba ya zaɓar wa yaron da bai kai ya yi zaɓi ba abin da zai kai shi ga halaka.

Aƙida ɗaya, magani ɗaya, hukunci biyu mabambanta. Kotu ba ta ce aƙidar gaskiya ce a 2001 ba, ba ta kuma ce ƙarya ce a 2019 ba. Abin da ya sauya shi ne wanda cutar za ta faɗa wa. In aka kawo maka tambayar uban da ya hana a ɗiga wa 'ya'yansa rigakafin shan inna da sunan addini, daga nan za ka fara, sannan ka ƙara da cewa cutar tana yaɗuwa, wato kiwon lafiyar jama'a ma ya shigo.

Mu gwada: malamin Mabera da takardar hana tafsiri

A ɗauka, don darasi kawai, akwai wani malami a unguwar Mabera da ya shekara goma yana tafsirin azumi a ƙofar masallacin unguwa. Saura kwana biyar a ga wata sai aka kawo masa takarda daga wani kwamitin gwamnati cewa kada ya zauna bana sai ya karɓi lasisi. Ya nema, aka hana shi, ba a faɗi dalili ba. Ya zo ofishinku, maigidanka ya miƙo maka fayil.

Matakin farko mai sauƙi ne: tafsiri koyarwa ne kuma yaɗa addini ne cikin jama'a a fili, kalmomin sashe na 38 ke nan kai tsaye. Ka haɗa da sashe na 39 na faɗin albarkacin baki da na 40 na taro, amma ka bar 38 a gaba. Kada ka ɓata lokacin kotu kan cewa fahimtar malamin ita ce daidai. Alƙalin Babbar Kotu ba mai fatawa ba ne.

Sai ka nemi dokar. Ka rubuta wa kwamitin ka tambayi dokar da ta kafa shi da sashen da ya ba shi ikon ba da lasisi. In ya zamana gwamna ne ya kafa shi da sanarwa, babu dokar Majalisar Dokokin Jiha a bayansa, kusan ka gama, shari'ar hijabi ta ishe ka. In akwai doka amma ikon da ta bayar na ba da shawara ne ko sasanta rikici, to kwamitin ya wuce huruminsa, wannan ma ya isa. Ɗalibai kan tsallake wannan mataki saboda ba shi da armashi, alhali shi ne mafi arha wajen cin shari'a.

Yanzu a ɗauka akwai doka, kuma ta ce ƙarara babu wa'azi sai da lasisi. Lauyan gwamnati zai tashi ya ce manufar ita ce zaman doka da oda, kuma ba zai rasa abin nunawa ba. Zai tuna wa kotu rikicin Maitatsine a Kano a watan Disamba na 1980, wanda ya ci rayuka fiye da 4,000, da yadda ya sake ɓulla a Bulumkutu da Yola da Gombe, da kuma yadda Boko Haram ta fara da wa'azi a Maiduguri. Dokar wa'azi ta Jihar Kaduna ta 1984 a wannan yanayi aka yi ta. Shawarata kada ka yi gardama a nan. Ka amince manufar halastacciya ce, domin alƙalin da ya rayu a Arewa ba zai saurari mai cewa wa'azi ba ya taɓa tayar da fitina ba. Ka tara ƙarfinka don tambaya ta uku.

A nan za ka haɗu da tsohuwar shari'ar Cheranci da Cheranci ta 1960, inda Babbar Kotun Arewa ta duba dokar da ta hana yara shiga harkar siyasa. Kotun ta bar dokar, ta kuma ce ana fara ɗaukar cewa majalisa ta yi aikinta bisa Tsarin Mulki, abin da lauyan gwamnati zai riƙe. Amma a cikin hukuncin akwai abin da kai ma za ka riƙe: taƙaitawa dole ta zama ana buƙatarta, kuma kada ta zarce abin da ake son cimma. Da wannan za ka bi dokar sashe-sashe.

Su wa ke zaune a kwamitin? In malaman ɓangare ɗaya ne suka cika shi, a gari mai 'yan ɗariƙa da 'yan Izala da wasunsu, an ba kishiya rabon nama ke nan, kuma sashe na 42 ya shigo. Dokar ta faɗi sharuɗɗan da ake cikawa a samu lasisi, ko ta bar komai ga ganin damar kwamiti? Ta wajabta a faɗa wa wanda aka hana dalilin hana shi? Akwai wa'adin da dole a ba shi amsa, ko za a iya riƙe takardarsa har Salla ta wuce? Akwai inda zai ɗaukaka koke? Sai babbar tambaya: tunda dokokin laifi sun riga sun tanadi hukunci ga mai tunzura jama'a da mai cin zarafin addinin wasu, me ya hana a hukunta wanda ya yi laifi bayan ya yi, maimakon a rufe bakin kowa tun kafin ya buɗe?

Makaminka mafi ƙarfi ba daga shari'ar addini zai fito ba. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Sufeto Janar na 'Yan Sanda da jam'iyyar ANPP, wadda ta taso bayan an tarwatsa gangamin jam'iyyar a Kano a 2003, ta ce sharaɗin neman izinin 'yan sanda kafin a yi taro ya saɓa wa Tsarin Mulki. Tunanin da ke ƙarƙashin hukuncin shi ne abin da Tsarin Mulki ya ba ka ba sai ka roƙi izinin jami'i kafin ka yi shi ba. A 2019 kuma Babbar Kotun Jihar Kaduna, a ƙarar da ƙungiyar cocin Fentikostal ta shigar, ta ce shirin tantance fastoci da ba su lasisi ya saɓa wa 'yancinsu. Ka kawo wannan, amma ka faɗa wa kotu da bakinka cewa hukuncin takwararta ce, yana jan hankali ne kawai, bai ɗaure alƙalin Sakkwato ba. Na Kotun Ɗaukaka Ƙara ne ya ɗaure shi.

To sauya labarin kaɗan ka ga yadda amsar ke juyawa. A ce dokar ba ta nemi lasisi ba, cewa ta yi kada a kunna lasifikar waje daga ƙarfe 11 na dare zuwa 4 na asuba, masallaci ko coci ko gidan biki, kuma kada a tare babban titi sai an sanar da hukuma kwana uku kafin taron. Wannan ma taƙaitawa ce. Amma ba ta duba abin da malam zai faɗa ba, ba ta zaɓi wanda zai yi magana ba, ta shafi kowa, ta bar masa sauran sa'o'in yini, kuma tana kare barcin maras lafiya da hanyar motar asibiti. In malamin Mabera ya zo maka da wannan, gaskiyar da za ka faɗa masa ita ce da wuya ya yi nasara. Haka aka taƙaita tarukan ibada a Legas da Abuja a 2020 lokacin korona, da sunan kiwon lafiyar jama'a, bisa ƙa'idojin da aka fitar ƙarƙashin tsohuwar dokar killace masu cuta ta 1926.

Ridda da ɓatanci

Ba zan wuce ban taɓa wannan ba, tunda Sakkwato na cikin jihohin da suka kafa dokar laifuka ta Shari'a a farkon shekarun 2000. Kan ridda, sassa biyu ne suka haɗu: na 38 da ya ambaci sauya addini da sunansa, da ƙaramin sashe na 12 na sashe na 36 da ya ce ba a hukunta kowa kan laifi sai an fayyace laifin da hukuncinsa a rubutacciyar doka. Masu tsara dokokin Shari'a na jihohi ba su sa ridda cikin jerin laifuka ba. Wannan magana ce kan abin da kotun hukuma za ta iya hukuntawa, ba kan matsayin ridda a fiƙihu ba, kuma ba ta hana tasirinta a aure da gado, waɗanda sashe na 277 ya bar wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Wanda ke shakkar cewa kotunan Shari'a na aiki da sashe na 36 ya duba shari'ar Safiya Husaini: cikin dalilan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta bayar wajen sallamarta a watan Maris na 2002 har da cewa abin da ake zargi ya faru kafin dokar ta fara aiki.

Ɓatanci kuwa yana rubuce. Sashe na 210 na tsohuwar dokar Final Kod ta Arewa ya hukunta cin zarafin addini ta hanyar da za ta iya tayar da hankali, dokar laifuka ta Kudu ma tana da irinsa a sashe na 204, dokokin Shari'a na wasu jihohi kuma sun kai hukuncin ga kisa. Masu kare su na cewa tarbiyyar jama'a da zaman doka da oda da haƙƙin masu imani duk suna cikin sashe na 45, kuma majalisar jiha na da ikon yin dokar laifi. Masu suka na cewa hukuncin kisa ya zarce ma'auni, kuma sashe na 10 bai bar jiha ta yi haka ba. A shari'ar wani matashi da kotun Shari'a ta Kano ta yanke wa kisa a 2020, Babbar Kotu ta ce a sake shari'ar saboda ba shi da lauya, Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2022 ta tabbatar da haka ba tare da ta rushe dokar ba, aka wuce Kotun Ƙoli. A jarrabawa ka shimfiɗa ɓangarorin biyu kafin ka zaɓi naka. Abin da babu ɓangare biyu a kansa shi ne ɗaukar doka a hannu, irin kisan wata ɗaliba bisa zargin ɓatanci da Sakkwato ta gani a watan Mayu na 2022. Sashe na 45 doka yake karewa, taron jama'a kuwa ba doka ba ne, kuma sashe na 33 da na 36 sun tsaya wa ran wanda ake zargi har sai kotu ta yi hukunci.

Wace kotu, da wace takarda

Mu koma ga malamin Mabera, wanda azumi ke ƙarato masa. Sashe na 46 ya ce wanda aka tauye wa haƙƙi, ko ake tauyewa, ko ake shirin tauyewa, ya nufi Babbar Kotu a jihar da abin ya faru, don haka ba sai ya jira an kama shi ba, kuma ba kotun Shari'a ko ta majistare za ka kai shi ba. Ƙa'idojin tabbatar da haƙƙi na 2009 su za ka bi: takardar buƙata, da bayanin sunan mai ƙara da abin da yake nema da dalilansa, da takardar rantsuwa mai ɗauke da labarin, da rubutacciyar hujjar lauya. Ba a neman izinin kotu kafin a shigar kamar yadda ake yi a ƙa'idojin 1979, babu wa'adin da ƙarar ke mutuwa, kuma wanda ake ƙara kwana 5 gare shi ya mayar da martani.

Ka liƙa takardar hanin da ta neman lasisin a jikin takardar rantsuwa, tunda galibi da takardu ake yanke irin wannan shari'a ba da shaidu ba. Ka kula ainihin abin da kake nema ya zama tauye 'yancin addini ne. In rigimar a gaskiya kan wanda zai riƙe limancin masallacin ce, ka lulluɓe ta da sashe na 38, lauyan gwamnati zai ɗauko shari'ar Tukur da Gwamnatin Jihar Gongola ya ce haƙƙin rataye yake a jikin wata rigima, kotu ta kori ƙarar tun ba a shiga cikinta ba. Kuma tunda wata ba zai jira ranar hukunci ba, ka haɗa da buƙatar gaggawa ta umarnin wucin gadi da zai hana kwamitin da 'yan sanda taɓa zaman tafsirin har a saurari ƙarar, ka bayyana a takardar rantsuwa ranar da ake sa ran fara azumi da sa'o'in da malam ke zama.